Yadda Ake Rubuta wa Ofishin Fansho Wasiƙa Idan Mahaifi Yana Kwance Ba Ya Iya Fita

Tambayar nan ta yawaita: tsoho ya kwanta jinya, fanshonsa ya tsaya ko kuma yana shiga banki amma ba mai iya cirowa, ɗansa ko 'yarsa na so ya rubuta wa ofishin fansho, bai san me zai ce ba. Akasarin wasiƙun da ake rubutawa a wannan hali suna lalacewa ne tun daga layin farko, domin abin da suke roƙo shi ne a riƙa biyan kuɗin a asusun ɗan. Wannan buƙata ce da ofishin fansho ba zai biya ba muddin mai fanshon yana raye. Fansho haƙƙin wanda ya yi aikin ne, da sunansa ake biya, a asusun da ke ɗauke da sunansa da lambar BVN ɗinsa. Abin da wasiƙarka za ta iya samo maka shi ne a zo gida a tantance shi, a ci gaba da biya, a kuma rubuta sunanka a fayil a matsayin wanda ke bin sawun al'amuransa. Cirar kuɗin kuwa maganar banki ce, kuma ita ma tana da nata matakin a ƙasa.

Zan bi misali ɗaya har ƙarshe: dattijo ne da ya yi aiki a hukumar jiragen ƙasa a Zariya, ya yi ritaya a 2001, yanzu shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, hannun dama ba ya motsi, amma yana ji, yana ganewa, yana magana ko da da ƙyar. Fanshonsa ya daina shiga wata uku da suka wuce. Babban ɗansa ne zai rubuta.

1. Gano ofishin da ke biyan shi

Kada ka ɗauki alƙalami sai ka san wa za ka rubuta wa, don ofisoshin fansho a Najeriya ba ɗaya ba ne, kuma wasiƙar da ta faɗa inda ba nata ba sai dai ta kwana a tire.

Idan mahaifinka ma'aikacin gwamnatin tarayya ne da ya yi ritaya a tsohon tsari, wato galibi waɗanda suka bar aiki kafin ƙarshen watan Yuni na 2007, hukumar PTAD ce ke biyan shi. Tana da sassa: na ma'aikatan ma'aikatu, na 'yan sanda, na kwastan da shige da fice da gidan yari, da na hukumomi da kamfanonin gwamnati. Tsohonmu na jirgin ƙasa yana ƙarƙashin sashe na ƙarshen nan. Idan kuma a sabon tsarin nan na adashi ya yi ritaya, wanda dokar gyaran fansho ta 2004 ta kawo aka sake ta a 2014, to kamfanin kula da fanshonsa za ka rubuta wa, wanda ake kira PFA, hukumar PenCom kuma ita ce ke sa musu ido. A nan akwai wani rabe da mutane ke mantawa: wasu a lokacin ritaya sun zaɓi kamfanin inshora ya riƙa biyan su wata-wata har ƙarshen rai, to su kamfanin inshorar ne ke riƙe da fayil ɗinsu. Tsoffin sojoji suna da hukumar fanshonsu daban. Ma'aikacin jiha ko na ƙaramar hukuma, har da malaman firamare, hukumar fansho ta jiharsa ce.

Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce ka duba saƙon banki na fansho na ƙarshe da ya shiga wayarsa, ko takardar bayanin asusu. Sunan mai biyan yakan fito a bayanin kuɗin da ya shiga. In ba a samu ba, takardar tantancewa ta baya da ke cikin jakar takardunsa tana ɗauke da tambarin ofishin da lambar fanshonsa.

2. Rarrabe matsalar: kuɗin ne ya tsaya, ko cirowa ce ta gagara?

Nemi bayanin asusu na wata shida zuwa shekara ɗaya. Idan fansho yana shiga kowane wata, to ofishin fansho bai riƙe komai ba, aikinka kusan duka a banki yake, wasiƙar da za ka aika wa ofishin ta sanarwa ce kawai da neman a shirya tantancewa a gida kafin lokacinta ya zo. Idan kuwa ya daina shiga, ka lura da watan da ya tsaya, ka rubuta shi. Dalilan da aka fi gani su ne an yi tantancewa bai halarta ba, ko sunan da ke banki ya saɓa da wanda ke fayil, ko bankin ya sa wa asusun takunkumi saboda ba a haɗa NIN ba ko an daɗe ba a taɓa shi ba.

Ga 'yan fanshon PTAD, akwai hanyar tabbatar da cewa mutum yana raye ta waya, mai suna I Am Alive, wadda ake shiga ta shafin hukumar, `ptad.gov.ng`. Ana sa lambar fansho da lambar asusu, sai a ɗauki hoton fuska a gwada da wanda ke wurinsu, kuma ana maimaitawa lokaci-lokaci. Gwada wannan tukuna a gefen gadonsa, da rana, a ɗaga shi a jingina shi da matashi, haske na fuskantar fuskarsa. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa ba sai an yi wasiƙa ba. Amma mai shanyewar ɓarin jiki fuskarsa takan karkace, wanda ya daɗe yana jinya ya rame, na'urar sai ta ƙi gane shi. Idan ta ƙi, ɗauki hoton allon wayar da ke nuna ta ƙi, ka rubuta ranar. Wannan hujja ce da za ta shiga wasiƙa.

Gargaɗi: kada ka ɗora tsohon hotonsa a gaban kyamara, kada kuma wani ƙanensa mai kama da shi ya zauna a madadinsa. Wannan zamba ce ko da mai fanshon yana raye, kuma takan jefa fayil ɗin cikin bincike.

3. Duba hankalin mahaifin, sannan ka tara 'yan'uwa

Wannan matakin shi ne ke raba hanya biyu. Wakilci, a shari'ar Musulunci da a dokar ƙasa, mai hankali ne ke ba da shi. Idan Baba yana gane mutane, ya san yana da fansho, aka tambaye shi wa ya yarda ya tsaya masa ya faɗa ko ya nuna, to yana iya wakilta ka, ko da hannunsa ba ya riƙe biro. Idan kuwa ruɗewar tsufa ta kama shi, ko ba ya cikin hayyacinsa, to ba zai iya wakilta kowa ba. Kama yatsansa a dangwala a takarda a wannan hali bai zama wakilci ba, kuma ranar da wani ɗan'uwa ya ƙalubalance ta, kai za ta faɗo wa. Hanyar a nan ita ce kotu: a kai rahoton likita, kotu ta naɗa wanda zai kula da dukiyarsa. Kafin ka shigar da takarda, tambayi bankin da ofishin fanshon irin umarnin kotun da suke karɓa, don kada ka kashe kuɗi a inda ba za a amsa ba.

Sai maganar gida. A gidan da ke da ɗakuna biyu ko uku, in ɗan ɗaki guda ya tashi shi kaɗai ya rubuta wa ofishi, ba a jimawa sai wata takardar ta biyo baya daga ɗaya ɗakin tana cewa ba da yawunsu ba. Ofishi in ya ga takardu biyu masu karo da juna, janye hannu yake yi har ku sasanta, tsoho kuma ga magani na jiran kuɗi. Ku zauna a gaban Baba, da iyaye mata da manyan 'ya'ya, da wani baffa ko limamin unguwa a matsayin shaida, a faɗi wanda aka wakilta, a rubuta a takarda guda kowa ya sa hannu. Ba doka ce ta wajabta wannan takarda ba, amma na fi ganin amfaninta a kan wasu da ake biyan kuɗi a yi.

4. Haɗa takardu

Daga ɓangaren mahaifin: takardar tantancewa ta baya mai lambar fansho, takardar ɗaukar aiki, ta ƙarin girma na ƙarshe, ta ritaya, katin shaida ko takardar NIN, takardar BVN mai hoto daga banki, da bayanin asusu mai hatimin banki. Daga ɓangarenka: katin shaidarka da abin da ke nuna kai ɗansa ne, kamar takardar haihuwa, ko takardar rantsuwa daga kotu in babu ita.

Biyu ne suka fi nauyi. Na farko rahoton likita. A samo shi daga asibitin gwamnati in da hali, a kan takarda mai tambarin asibitin, da sunan likita da sa hannunsa da hatimi da kwanan wata na kusa. Ka roƙi likitan ya faɗi abu uku a fili: ciwon da ke damunsa, cewa ba zai iya tafiya zuwa ofis ba, da kuma ko hankalinsa na nan. Rahoton da ya ce kawai “yana karɓar magani a wurinmu” bai gaya wa jami'in fansho komai ba, don mai hawan jini da ke zuwa kasuwa da ƙafarsa ma yana karɓar magani. Na biyu hoto: sabon hoto mai nuna dukkan jikinsa a inda yake kwance, fuska a bayyane. A kimtsa shi, a sa masa riga da hula, a nemi izininsa kafin a ɗauka. Wasu kan sa jaridar ranar a gefensa don a ga kwanan wata, kuma dabara ce mai kyau.

Gargaɗi: jera takardun nan ka karanta sunan da ke kan kowacce harafi-harafi. Muhammadu a takardar aiki, Mohammed a banki, Mamman a NIN, wannan ya isa ya tsayar da biya. Haka shekarar haihuwa. In ka ga saɓani, ambace shi da kanka a wasiƙa ka haɗa da takardar rantsuwa mai cewa mutum ɗaya ne, kada ka jira su gano. Kwafi za ka aika. Na asali su zauna a gida har ranar da jami'ai za su nemi gani.

Game da kuɗi: abin da za ka kashe shi ne na kwafi da hoto, kuɗin rahoton likita, kuɗin rantsuwa a kotu, na lauya in za a rubuta takardar wakilci, da na mota ko na kamfanin aika saƙo. Na lauya ne ya fi tsada, sauran ƙanana ne. Tantancewa ita kanta kyauta ce. Duk wanda ya kira ka ya ce daga ofishin fansho yake, ka tura wani abu don a fitar da bashin Baba, ko ya nemi lambar sirrin kati ko lambar da banki ya turo ta waya, ɗan damfara ne. Sun san gidajen da ake jinya sun ƙagu, su suke nema.

5. Rubuta wasiƙar

Shafi ɗaya ya isa. Jami'in da zai karanta yana da tarin fayil a gabansa, abin da yake nema shi ne wane ne mai fanshon, me ya faru, me ake so ya yi. Ofisoshin tarayya da kamfanonin fansho da Turanci suke aiki, don haka ka tsara ta da Hausa yadda ka fahimce ta, sannan a mayar da ita Turanci a buga. Ka tsaya a kan mai bugawar, kada ya ƙara maka dogayen kalmomin roƙo ya zubar da lambobi. A muƙami ake rubutawa, ba sunan mutum ba: Babban Sakataren Zartarwa in PTAD ce, Manajan Darakta in kamfanin fansho ne, Shugaba ko Babban Sakatare in hukumar jiha ce. Mutum yakan bar kujera, wasiƙar da ke da sunansa sai ta bi shi.

Ga yadda ɗan tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa zai tsara tasa. Inda aka bar ɗigo-ɗigo, nan za ka sa naka.

Adireshin gida: ……
Kwanan wata: ……

Zuwa ga Babban Sakataren Zartarwa,
Hukumar PTAD, Abuja.
Ta hannun Daraktan Sashen Fanshon Hukumomin Gwamnati.

Ranka ya daɗe,

NEMAN TANTANCEWA A GIDA DA DAWO DA BIYAN FANSHON MALAM ……, LAMBAR FANSHO ……

Ni ne ……, babban ɗan Malam ……, wanda ya yi aiki a hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya a Zariya, ya yi ritaya a shekarar 2001 a matakin albashi na ……. Ana biyan fanshonsa a asusunsa mai lamba …… a bankin ……. Ina rubuta wannan takarda da saninsa da izininsa, kuma dangwalen yatsansa yana ƙasa.

Tun watan …… mahaifina yake kwance sakamakon shanyewar ɓarin jiki. Ba ya iya tashi ko tafiya, amma hankalinsa na nan, kamar yadda rahoton likita da na haɗa ya nuna. Fansho na ƙarshe da ya shiga asusunsa shi ne na watan ……, daga nan bai sake shiga ba, wata uku ke nan. Mun gwada tabbatar da shi ta I Am Alive a ranar ……, na'urar ba ta gane fuskarsa ba.

Don haka ina roƙon abu uku. Na ɗaya, a turo jami'ai su tantance shi a gida a adireshin da ke sama, ko a sanar da mu wata hanyar da hukuma ta tanada ga marasa lafiya. Na biyu, bayan tantancewa a dawo da biyan fanshonsa a asusunsa da aka saba, tare da na watannin da aka riƙe. Na uku, a sanar da ni a rubuce takardun da hukuma ke buƙata domin ta amince da ni a matsayin wakilinsa wajen bin sawun fayil ɗinsa.

Ba na neman a sauya asusun da ake biyan shi. Na kuma ɗauki alkawarin sanar da hukuma nan take idan halinsa ya sauya.

Ana iya samuna a lambar waya ……, ko ƙanwata …… a lambar ……. Gidan yana bayan ……, kusa da …….

Na haɗa da kwafin: rahoton likita, hotonsa na yanzu, takardar tantancewa ta baya, takardar ritaya, bayanin asusu, takardar BVN, katin shaidarsa da nawa, da takardar amincewar iyali.

Na gode. Allah ya ƙara girma.

Sa hannu da cikakken suna: ……
Dangwalen mai fansho: ……
Shaida, da sunansa da lambar wayarsa: ……

Ka lura da wasu abubuwa a cikinta. Kan maganar yana ɗauke da sunan mai fansho da lambarsa, don da lambar ake nemo fayil. Wasiƙar da ba ta da lamba, ko ta kai shafi biyar, ba a san inda za a sa ta ba. Jimlar nan ta “ba na neman a sauya asusu” da gangan aka sa ta. Jami'an fansho sun saba ganin 'ya'yan da ke son karkatar da kuɗin iyaye, har da masu ɓoye mutuwa, don haka duk takardar da ta zo daga ɗa da ido biyu ake karanta ta. Wannan jimla tana kwantar musu da hankali tun kafin su tambaya. Buƙata ta uku kuma tambaya ce, kuma ka nemi amsa a rubuce, saboda ƙa'idar kowane ofishi daban ce: wani fom ne da shi, wani takardar wakilci yake so, wani zuwa gidan kawai ya ishe shi. Gara su faɗa da bakinsu kafin ka biya lauya.

Abin da ba ya shiga: labarin bashin da ake bin ku, zagin gwamnati, jerin shekarun da Baba ya yi wa ƙasa bauta ba a saka masa ba. Gaskiya ne, amma ba su motsa fayil. Haka kuma kada ka kwaikwayi sa hannunsa don ka ga da can ya iya. Idan hannun dama ya shanye, a dangwala babban yatsan da ya samu, a rubuta a gefe wane yatsa ne na wane hannu, a kuma ƙara layi cewa an karanta masa takardar an fassara masa da Hausa ya nuna ya gane kafin ya dangwala, wanda ya fassara ya sa suna da hannu.

Kwatancen gida ma kada a raina shi. Yawancin unguwanninmu ba lambar gida ake bi ba, masallaci ne ko makaranta ko gidan mai unguwa. Rubuta yadda baƙo zai gane.

6. Kai wasiƙar ka karɓo shaida

Buga kwafi biyu. Kai ofishin da ya fi kusa: PTAD tana da ofisoshi a wasu jihohi ban da hedikwatarta a Abuja, kamfanonin fansho kuma suna da rassa a manyan birane. A wurin rajistar karɓar wasiƙu ka miƙa ɗaya, ka ce a buga maka hatimin “an karɓa” da kwanan wata a ɗayar. Wannan kwafi mai hatimi shi ne makaminka nan gaba, ɗauki hotonsa ka adana a waya. In nesa ce, aika ta kamfanin saƙo mai ba da rasit da lambar bin sawu, sannan ka tura kwafi ta imel ɗin da ke shafin hukumar.

Gargaɗi: kada ka ba wani “ɗan hannu” a bakin ƙofa ya shigar maka. Ko da mutumin kirki ne, takardar da ba ta bi ta rajista ba, a idon ofis ba ta zo ba.

7. Banki

Kada ka jira amsar ofishin fansho kafin ka fara wannan. Je reshen da aka buɗe asusun, nemi ganin manaja ko jami'in kula da asusun, da takarda irin ta sama amma gajeriya, da rahoton likita. Abin da kake roƙo shi ne bankin ya turo ma'aikaci gida ya ga mai asusun, a sauya sa hannunsa zuwa dangwale tunda hannun ba ya rubutu, sannan a ba shi fom ɗin da zai ba ka izinin gudanar da asusun a madadinsa. Wasu bankunan fom ɗinsu ya wadatar, wasu sai an kawo takardar wakilci da lauya ya rubuta aka yi mata shaida. Idan za a rubuta ta, a taƙaita ta: a ambaci lambar asusun, a ce izinin cirar kuɗi ne don jinya da cefane da bin sawun fansho. Kada a bar ta a buɗe ta haɗa da gida da gona, don irin wannan ce ke raba zumunci.

Na san abin da mafi yawan gidaje ke yi: a karɓi katin Baba da lambar sirri a riƙa cira a wurin mai POS. Yana tafiya har ranar da katin zai ƙare wa'adi, ko na'ura ta haɗiye shi, ko layin wayar ya toshe. Ranar nan banki zai ce sai mai asusu ya zo da kansa, kai kuma ba ka da wata takarda da ta san da kai. Shi ya sa ake gyara wannan tun Baba yana iya magana. Kada kuma a mayar da asusun na haɗin gwiwa da sunanka, domin ofisoshin fansho asusun mai fansho shi kaɗai suke so, sauya sunan asusu yana iya sa kuɗin ya koma inda ya fito.

Abu biyu a kiyaye. Layin wayar da ke haɗe da BVN ɗinsa a riƙa sa masa kati ana kira da shi, kada kamfani ya ƙwace shi ya sayar wa wani. Asusun kuma a riƙa taɓa shi, don wanda ya shekara mai shi bai yi hulɗa da shi ba banki yakan ɗauke shi a matsayin wanda ya kwanta, kuma tayar da shi sai an sake wata tantancewar.

8. Ranar da jami'ai za su zo

Za su kira kafin su zo, don haka lambar da ka bayar ta kasance a kunne, ka riƙa ɗaukar baƙuwar lamba. Nemi su nuna katin aiki. Tanadi takardun asali a jere, ka zaɓi lokacin da Baba ya fi wartsakewa, galibi da hantsi bayan ya karya ya sha magani. Za su ɗauki hotonsa, wataƙila da zanen yatsu, su yi masa 'yan tambayoyi kamar sunansa da inda ya yi aiki. Bar shi ya amsa da kansa ko da zai ɗauki lokaci. Ɗan da ke saurin amsawa a madadin uba zargi yake jawowa. Yatsun tsofaffi sukan bushe zanen ya shafe, a ɗan shafa musu mai a goge kafin a ɗora a na'ura. Kafin su tafi, tambayi ko akwai takardar shaida da za su bari, da lokacin da za a sake tantancewa, da yadda za a yi a lokacin.

9. Idan shiru ya yi yawa

Bayan mako biyu zuwa uku, kira ko ka je da kwafinka mai hatimi ka tambayi teburin da takardar take. In wata ya wuce babu motsi, rubuta tunatarwa ta layi huɗu, ka ambaci ranar da aka karɓi ta farko, ka haɗa kwafinta. Idan kamfanin fansho ne ya yi biris, kai ƙorafi PenCom. Idan ofishin gwamnati ne, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ke da ofis a kowace jiha kuma ba a biyan ta. Ƙungiyar 'yan fansho ta reshen da Baba yake ma tana da amfani ƙwarai, don shugabanninta sun san wanda ke riƙe da kowane tebur, kuma sukan san ranar da ayarin tantance marasa lafiya zai shigo gari.

Ka sani cewa dawo da biyan wata-wata da biyan watannin da aka riƙe ba lallai su zo tare ba. Idan na wata ya dawo bashi bai biyo ba, wasiƙa ce ta daban, mai lissafa watannin ɗaya bayan ɗaya da bayanin asusu a matsayin hujja.

10. Lissafi, da ranar da wakilci zai ƙare

Sayi littafi ka riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, da rasit ɗin magani a maƙale. A ce fanshon naira 50,000 ne a wata: a rubuta nawa ya tafi magani, nawa mai gashin ƙashi ko mai motsa jiki, nawa aka ba iyaye mata na cefane, nawa ya rage. Kowane wata a karanta wa Baba in yana ji, a nuna wa 'yan'uwa.

Idan rai ya yi halinsa, wakilcinka ya ƙare a wannan lokacin, a shari'a da a doka. Daga ranar ba ka da ikon cire ko kwabo da kati ko da takardar wakilci, ko da don hidimar zaman makoki ne, domin abin da ke asusun ya zama na magada. Samo takardar shaidar rasuwa, ka rubuta wa ofishin fansho da banki. Fanshon da ya ci gaba da shiga bayan rasuwa saboda ba a sanar ba, ofishi yana da ikon neman a dawo da shi, kuma wanda sunansa ke fayil a matsayin wakili shi za a fara nema. Bashin watannin da marigayin ya bi tun yana raye, da abin da ya rage a asusun ajiyar fansho na sabon tsari, magada suna neman su ta wata hanya daban, wadda galibi takan buƙaci takardar kula da gado daga kotu, kuma wasiƙar neman su magada ne ke sa mata hannu, ba wakilin jinya shi kaɗai ba.